Idan “nauyi” ya kasa ɗaukar kaya biyu

Ɗalibin da ya shiga ajin kimiyya a babbar sakandare yakan ware littafin rubutu guda, ya tsaga kowane shafi gida biyu, kalmar Turanci a hagu, Hausarta a dama. Dabara ce mai kyau, amma a darasin fiziks tana saurin cin tura idan kalma ɗaya tal aka rubuta a dama.

Ga misali. Littafin fiziks yana da kalmomi biyu da mu Hausawa duk muke ce musu nauyi. Ɗaya ana yi mata alama da m, ɗayar kuma W, ga dangantakarsu:

```
W = mg
```

Ɗalibin da ya rubuta “nauyi” a gaban kowacce ya haɗe abin da malami ya sha wahalar rabawa. Kamata ya yi ƙarƙashin ta farko ya rubuta: yawan abin da jiki ya ƙunsa, ana auna shi da kilogiram, ba ya canzawa duk inda aka kai shi. Ƙarƙashin ta biyu kuma: ƙarfin da ƙasa ke jawo jiki da shi, ana auna shi da niyuton. Sai ya kawo buhun shinkafa mai kilo 50. A nan duniya g kusan 9.8 ne, don haka ƙasa na jan buhun da niyuton 490. A duniyar wata, inda g bai wuce 1.6 da ɗoriya ba, jan zai sauko zuwa wajen niyuton 80, alhali ko ƙwaya ɗaya ba ta zube ba.

Shi ya sa nake ganin gida biyu ya yi kaɗan. Kalmar Turancin a kwafe ta harafi da harafi, domin da ita za a amsa tambaya a jarrabawar WAEC ko NECO. A kwafo jimlar da aka tsince ta a ciki, da lambar shafin, kafin a zo ga bayanin Hausa da ma'auni da misali. Jimlar nan ce ke nuna ma'anar da marubucin ya nufa, ƙamus na gama-gari kuwa ma'anar yau da kullum yake fara kawowa.

Dogayen kalmomi masu ban tsoro ba su cika yin ɓarna ba, tunda ɗalibi ya san bai san su ba. Waɗanda ya saba ji tun firamare su ne ke wucewa bai tsaya ba. Kalmar da yake fassarawa da “aiki” tana cikinsu: mai talla da ta yini a tsaye da faranti a ka, a lissafin fiziks ba ta yi wa farantin aiki ba, tunda bai gusa ba.

Bayan kowane babi, ɗalibi ya rufe gefen Turancin da hannu, abokinsa ya karanto bayanin Hausar, shi kuma ya faɗi kalmar. Idan bayani ɗaya ya dace da kalmomi biyu, a sake rubuta shi, a kai wa malamin darasin ya duba.