Yashi, Ruwa da Igiya: Yadda Aka Hau da Duwatsun Dalar Giza

Babbar dalar Sarki Khufu da ke Giza a ƙasar Masar ta kai kimanin shekara 4,500 a tsaye. Lokacin da aka gama ta tsayinta ya kai mita 146, kuma an kiyasta duwatsun da ke jikinta sun kai miliyan 2.3, kowanne a matsakaici tan biyu da rabi. Idan aikin ya ci shekara 20, kamar yadda Herodotus ɗan Girka ya rubuta, to sai an ajiye dutse sama da 300 a kowace rana, wato kusan dutse ɗaya duk minti biyu daga safe zuwa yamma. Maginan ba su da baƙin ƙarfe, ba su kuma ɗora kayan a kan amalanke ba. To da me suka yi?

Abu na farko da ke rage mamaki shi ne yawancin duwatsun ba daga nesa suka zo ba. A nan Giza aka haƙo su, ɗan kudu da dalar, kuma ramukan suna nan har yau. Dutse ne mai ɗan taushi, irin wanda ake ƙonawa a sami farar ƙasa. Da cizal na jan ƙarfe da gudumar katako ake sare rami a kewaye da shi, sannan a ɓamɓare shi daga ƙasa da sanduna. Jan ƙarfe ba ya jimawa yake dakushewa, don haka wasa kayan aiki ma sana'a ce mai cin mutane. Dutsen giranit kuwa, wanda aka ɗauko daga Aswan, kilomita 800 kudu, jan ƙarfe ba ya cinsa. Shi sai dai a yi ta dukansa da ƙwallayen wani dutse mai tsananin tauri da ake kira dolarait, yana marmashewa kaɗan-kaɗan.

Jan dutsen shi ne inda dabara ta fi fitowa. Ƙafar amalanke tana tara nauyi duka a ɗan ƙaramin wuri, sai ta nutse cikin yashi. Misirawa sai suka yi majayi: katakai biyu masu kauri a kwance, an haɗa su da wasu a gicciye, goshinsu ya ɗan ɗago sama. A ɗaure dutse a kai, a ja da igiya. Amma shi ma yana da cikas. A busasshen yashi, goshin majayin yana tara tudu a gabansa, sai masu ja su koma suna turin ƙasa ban da jan dutse.

Maganin yana zane a bangon kabarin wani hakimi mai suna Djehutihotep a Deir el-Bersha, wanda ya rayu ƙarni da dama bayan Khufu. A zanen ana jan wani ƙaton mutum-mutumi da masana suka kiyasta nauyinsa tan 58, mutum 172 sun jeru layi huɗu riƙe da igiya. A goshin majayin wani mutum na tsaye yana zuba ruwa a ƙasa daga tulu. An daɗe wasu na ɗaukar wannan a matsayin tsafi. A 2014 masana a Jami'ar Amsterdam suka gwada da ƙaramin majayi a ɗakin bincike, suka tarar jiƙa yashi daidai misali na iya rage ƙarfin da ake buƙata da kusan rabi. Ruwan yana manne ƙwayoyin yashi da juna, ƙasa ta yi tauri, tudun nan ya daina taruwa. Duk wanda ya taɓa takawa a gaɓar kogi ya san ƙafa ta fi samun sauƙi inda yashi ya jiƙe. Sai dai ruwan ƙalilan ne, kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari na yawan yashin. Ya wuce haka, ƙasa ta zama caɓi, aiki ya koma baya. Ina ganin mai tulun nan gwani ne ba ɗan aike ba, domin da ido zai gane: in tudu ya fara taruwa a ƙara ruwa, in majayi ya fara lumewa a tsagaita.

Raba tan 58 ga mutum 172, kowa ya ɗauki nauyin kilo 340. A wannan lissafi, dutse mai tan biyu da rabi mutum takwas sun ishe shi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa.

Tafiya mai nisa kuwa Kogin Nilu ne ya ɗauke ta. A 2013 ayarin Pierre Tallet ya gano tsofaffin takardu a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya, ciki har da littafin aikin wani shugaban ma'aikata mai suna Merer. Shi da mutanensa kimanin 40 suna lodin farin dutse daga Tura, ƙetaren kogi, su kai Giza a jirgin ruwa, suna zuwa da dawowa sau biyu ko uku a kowane kwana goma. Da wannan farin dutse aka lulluɓe dalar.

Saura hawa. Hanyar ita ce a gina tudu mai gangare da ɓaraguzan dutse da ƙasa, a ja majayi a kai. An ga burbushin irin waɗannan tuddai a Meidum da Sinki da ma Giza. Matsalar lissafi ce. Idan gangaren yana hawa mita ɗaya a kowace mita goma, dutse mai tan biyu da rabi yana ƙara wa masu ja nauyin kilo 250, ban da turjiyar ƙasa. Wannan ana iya jurewa. Amma miƙaƙƙen tudu mai irin wannan gangare, kafin ya kai ƙololuwa sai ya yi kusan kilomita ɗaya da rabi, ya wuce mahaƙar dutsen kanta, ƙasar da zai ci kuma ta kusa kamo girman dalar. Shi ya sa masana suka rabu: wasu sun ce tudun ya naɗe dalar ne yana zagayawa, wasu sun ce zikzak ya yi a fuska ɗaya, Jean-Pierre Houdin ɗan Faransa kuma ya ce a cikin ginin hanyar take. Mai zagayawa yana da aibu biyu: juya dogon layin masu igiya a kusurwa, da kuma rufe gefunan da magina ke dubawa don kada gini ya karkace.

Siffar dala ita kanta tana taimako. Da gini ya kai sulusin tsayinsa, kimanin mita 49, an riga an ajiye kashi 70 cikin ɗari na duwatsu. A rabin tsayi, kusan kashi 88. Kenan babban tudu na ƙasa-ƙasa ne ya ɗauki galibin aikin. Manyan duwatsun giranit na rufin ɗakin sarki, masu tan 25 zuwa 80, su ma ba su kai rabin tsayin ba.

A 2018 aka sami ƙarin haske a mahaƙar Hatnub. Masu bincike daga Faransa da Jami'ar Liverpool sun tono wata hanya ta zamanin Khufu mai tsananin hawa, mita ɗaya a kowace biyar, da matakala a gefe biyu da ramukan kafa turaku. Fahimtar da aka yi ita ce ana zagaya igiya a jikin turakun, wasu su ja daga sama, wasu daga ƙasa, turken kuma ya riƙe dutse kada ya zame baya yayin da ake hutawa. A mahaƙa aka gan ta, ba a jikin dala ba, amma ta nuna mutanen Khufu na iya hawa gangare ninki biyu na wanda ake lissafi da shi, kuma hakan na rage tsawon tudu da rabi.

Can kusa da ƙololuwa, inda fili ya ƙure, aiki ya fi kama da na sanda: a cusa gungume a ƙarƙashin dutse a danna, a saka katako a gurbin da ya ɗago, a koma ɗaya gefen a maimaita. Herodotus ma ya ambaci na'urori na gajerun katakai da ake ɗaga duwatsu da su daga mataki zuwa mataki. Hanya ce mai cin lokaci, amma duwatsun sulusin ƙarshe na tsayin dalar ba su kai kashi 4 cikin ɗari na duka ginin ba, kuma galibinsu sun fi na tushe ƙanƙanta.