Ina Kwana Ko Ina Wuni? Yadda Rana Da Salla Suke Raba Gaisuwa

Da ƙarfe goma sha biyu saura kwata na rana, a kowace kasuwa ta ƙasar Hausa, za a iya jin mutum biyu sun haɗu, ɗaya ya ce "ina kwana", ɗayan ya amsa da "lafiya lau, ina wuni". Babu wanda zai ce wani ya yi kuskure. Amma da za a ƙara sa'a biyu a kai, mai cewa "ina kwana" sai ya sha tsiya. Abokansa za su tambaye shi, "Kai sai yanzu garinka ya waye?" Wannan ɗan tsakanin shi ne inda gaisuwar lokaci take rikita yara, baƙi masu koyon Hausa, har da manyan da suka wuni a ofis ba su leƙa waje sun ga inda rana take ba.

Abin da yake warware rikicin shi ne a gane cewa gaisuwar lokaci iri biyu ce, kuma kowacce da aikinta. Akwai wadda take farawa da "ina", akwai wadda take farawa da "barka". Ta farkon tambaya ce game da lokacin da mutum ya riga ya ratsa. Mai cewa "ina kwana" yana son jin yadda daren jiya ya wuce, mai cewa "ina wuni" kuma yana tambayar yadda ranar ta kasance zuwa yanzu. Shi ya sa amsarsu take zama "lafiya lau" ko "lafiya ƙalau". Ta biyun fatan alheri ce a kan lokacin da ake ciki a daidai wannan sa'a: barka da asuba, barka da hantsi, barka da rana, barka da yamma, barka da dare. Ita ba ta neman labari, don haka ake amsa ta da "barka kadai" ko "yauwa, barka dai".

Da wannan bambanci a hannu, sauran ƙa'idojin suna fitowa da kansu. Ba a tambayar mutum wuninsa alhali bai wuni ba tukuna, kuma ba a tsaya tambayar kwanansa bayan ya ci rabin rana yana harkokinsa.

Safiya ita ce ta fi yawan rabe-rabe. Daga kiran sallar asuba zuwa fitowar rana, "barka da asuba" ce ta dace, kuma ita ake ji a ƙofar masallaci idan an sallame. Idan rana ta ɗaga ta fara zafi, wajen ƙarfe takwas zuwa goma, an shiga hantsi, sai a koma "barka da hantsi". Bayansa akwai walaha, wadda take kai mutum har gab da rana tsaka. Duk tsawon wannan lokaci "ina kwana" tana nan daram, ko "an tashi lafiya?", ko "kun kwana lafiya?" A Sakkwato da yammacin ƙasar Hausa, har zuwa Tawa da Dogon Dutsi a Nijar, kunne zai ji "lahiya" a inda Bakano zai ce "lafiya", amma tsarin gaisuwar ɗaya ne.

Kwana a nan ba barci ake nufi ba, ratsa dare ake nufi. Maigadin da ya kwana a zaune riƙe da tocila, da ma'aikaciyar jinya da ta fito daga aikin dare, duk "ina kwana" ake ce musu, sai dai mai hankali yakan bi ta da "ina gajiya?" domin ya nuna ya san ba su runtsa ba. Haka nan idan akwai mara lafiya a gida, maƙwabta sukan shigo da sassafe su tambaya, "Yaya kwanan mai jiki?" Dare ne lokacin da ciwo ya fi tsananta wa mutum, kuma shi ne lokacin da maƙwabci bai ga abin da ya faru ba, don haka tambayar safiya ta fi kowace nauyi.

Iyakar da ta raba "ina kwana" da "ina wuni" ita ce karkatar rana daga tsakiyar sama, wato shigar lokacin azahar. Agogo yana kusa da wannan iyaka, amma bai zauna daidai a kanta ba. A Kano rana tana kaiwa tsaka ne tsakanin ƙarfe 12:10 da 12:40, gwargwadon watan da ake ciki. A Sakkwato tana makara da kamar minti 13 a kan Kano, a Maiduguri kuma tana riga da kusan minti 18, ko da yake agogon garuruwan uku ɗaya ne. A Yamai, wadda ta fi su nisa yamma, takan kai wajen ƙarfe ɗaya. Masallatai da yawa kuma ba sa tayar da sallar sai ƙarfe ɗaya zuwa biyu. Wannan ne ya haifar da ɗan tsakanin da aka ambata a sama: daga kamar sha ɗaya da rabi zuwa kiran azahar, kowace daga gaisuwar biyu tana wucewa, kuma wanda yake shakka yana da mafita a "barka da rana", wadda ba ta tambayar kwana balle wuni. Da zarar ladan ya kira azahar, zancen kwana ya ƙare.

"Ina wuni", ko "ina yini" a bakin wasu, ita ce mai dogon zango. Tana ɗaukar azahar, ta ɗauki la'asar, ta wuce magariba, ta kai har bayan lisha. Wanda ya shiga gidan mutane da ƙarfe tara na dare "ina wuni" zai ce, domin abin da masu gidan suka ratsa ke nan. Babu "ina dare" a gaisuwar Hausa. Abin da yake sauyawa shi ne ɓangaren "barka": barka da rana har zuwa la'asar, barka da yamma daga la'asar zuwa faɗuwar rana, barka da dare idan duhu ya rufa.

Akwai ƙa'ida ta biyu da ba ta da alaƙa da rana ko agogo, ita ce yawan haɗuwa. Ana tambayar kwana sau ɗaya a safiya, a tambayi wuni sau ɗaya da yamma. A ɗauki misalin amaryar da take zaune gida ɗaya da uwar mijinta. Bayan sallar asuba, idan gari ya ɗan waye, za ta je ƙofar ɗakin surukar ta yi sallama, ta durƙusa ta ce, "Ina kwana, Mama?" Surukar ta amsa, "Lafiya lau, an tashi lafiya?" Ita kuma ta ce, "Lafiya ƙalau." Da ƙarfe tara suka sake haɗuwa a tsakar gida, surukar tana tsince shinkafa. A nan ba za ta maimaita "ina kwana" ba, don yin haka zai nuna kamar ta manta ta gaishe ta, ko kuma gaisuwar farko ba ta kai zuci ba. "Sannu da aiki, Mama" ya wadatar. Idan surukar ta fita unguwa ta dawo da hantsi, "sannu da zuwa" ce tata. Sai bayan azahar ko la'asar sabuwar gaisuwa take wajaba, amarya ta koma ta durƙusa ta ce, "Ina wuni, Mama?" ko da kuwa tun safe suna gida ɗaya suna ganin juna. Da dare kuma, idan za ta shige ɗakinta, ta yi sallama da "sai da safe", a amsa mata da "Allah ya tashe mu lafiya."

A wannan misali ana ganin wanda yake fara gaisuwa. Ƙarami ne yake zuwa wurin babba, ɗa wurin iyaye, ɗalibi wurin malami. Yaron da ya wuce mahaifinsa da safe ya jefa masa "sannu" kawai bai gaishe shi ba a idon mutanen gida, kuma zai ji tambayar da kowane ɗan Bahaushe ya sani: "Tare muka kwana da kai?" Sallama ma ba ta maye gurbin gaisuwar lokaci. Ita ce take buɗe ƙofa a kowace sa'a ta dare ko rana, sannan "ina kwana" ko "ina wuni" ta biyo baya, sai tambayar gajiya, iyali da aiki.

Wasu lokuta suna ɗora tasu gaisuwar a kan ta kullum. A watan azumi, wanda ya haɗu da ɗan'uwansa da la'asar zai ce "ina wuni" ya ƙara da "yaya ibada?", amma daga an kira magariba sai "barka da shan ruwa" ta karɓe wurin, a yi ta har dare. Faɗarta kafin rana ta faɗi kuskure ne da kowa zai lura da shi. A gidan rasuwa ana taƙaita gaisuwar lokaci a wuce zuwa "yaya haƙuri?" Shi kuwa "kwana biyu!" da ake ce wa wanda aka daɗe ba a gani ba, ba ruwansa da safiya, ana faɗarsa ko da tsakar dare ne.

Wayar hannu ta kawo matsalar da kakanni ba su sani ba, domin yanzu mai gaisuwa da wanda ake gaisarwa suna iya kasancewa ƙarƙashin rana daban-daban. Agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da Nijar da sa'a biyu, na Ghana kuma yana bayansu da sa'a ɗaya. Ɗan da ya kira mahaifiyarsa daga Zariya da ƙarfe sha ɗaya na safe, ita tana Makka wurin aikin hajji, ya same ta da ƙarfe ɗaya na rana, ta riga ta yi azahar. "Ina wuni, Hajiya?" ita ce daidai, tunda wuninta ake tambaya. Idan kuma ƙaninsa da yake zaune a zangon Kumasi ya kira da sha biyu da rabi na Zariya, can sha ɗaya da rabi ne, "ina kwana" ba ta tsufa ba tukuna. Saƙon murya da na rubutu sun fi wannan wuya, domin mai aikawa bai san sa'ar da za a buɗe su ba. Shi ya sa da yawa suke fara saƙonsu da sallama, su bi ta da "da fatan kana lafiya", su ajiye tambayar kwana ko wuni sai ɗayan ya amsa an tabbatar yana kan wayar a lokacin.