Dalilin da ya sa makin masu kallo ke saɓa wa na masu sharhin fina-finai

A watan Disamban 2017 aka fara nuna fim ɗin Star Wars: The Last Jedi a gidajen sinima, kuma har yau ana kafa misali da shi idan ana maganar saɓani tsakanin masu sharhi da masu kallo. A shafin Rotten Tomatoes, masu sharhi sun ba shi kimanin kashi 91 cikin 100, yayin da makin masu kallo ya tsaya ƙasa da kashi 50. Sai dai kamfanin CinemaScore, wanda ke jin ra'ayin mutane a cikin gidan sinima, ya samu sakamakon A, wato matakin da ke bin mafi girma. Fim ɗaya ke nan da sakamako uku, kuma biyu daga cikinsu duk da sunan masu kallo aka fitar da su. Kafin mutum ya ce wane ne ya yi gaskiya, ya kamata ya san abin da kowane maki yake ƙirgawa.

Makin masu sharhi na Rotten Tomatoes, wanda ake kira Tomatometer, ba auna ingancin fim yake yi kai tsaye ba. Ana ɗaukar sharhin kowane marubuci da shafin ya amince da shi, a sanya shi a ɗayan rukuni biyu: ko ya yaba, ko ya kushe. Daga nan sai a fitar da kason waɗanda suka yaba. Idan ya kai kashi 60 zuwa sama, sai a sanya wa fim ɗin alamar jan tumatir. Idan ya gaza haka, a sanya masa alamar ruɓaɓɓe.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Mu ƙaddara masu sharhi 100 sun kalli wani fim, kowannensu ya ce ba laifi, ya ba shi maki shida da rabi cikin goma, kuma duk aka lissafa su cikin masu yabo. Wannan fim zai fito da kashi 100 cikin 100, alhali babu ko mutum ɗaya da ya burge ƙwarai. Mu kuma ƙaddara wani fim da mutum 50 suka ba shi goma cif, sauran 50 suka ba shi huɗu. Matsakaicin makinsa bakwai ne, ya zarce na farkon, amma shafin zai nuna kashi 50 tare da alamar ruɓa. Saboda haka fim mai lallaɓawa wanda bai ɓata wa kowa rai ba yakan samu maki mai tsoka, shi kuwa wanda ya zo da wani abu sabo da ya raba kan jama'a yakan faɗo tsakiya. Shafin Metacritic ya bi wata hanya dabam: yana mayar da kowane sharhi zuwa maki cikin 100, ya fitar da matsakaici, tare da bai wa wasu jaridu da marubuta nauyi fiye da wasu. Shi ya sa makinsa ya fi nuna ƙarfin yabon, kuma sau da yawa yakan zo ƙasa da na Rotten Tomatoes.

Su kansu mutanen da ake ƙirgawa ba iri ɗaya ba ne. Mai sharhi sana'arsa ke nan; yana kallon fina-finai masu ɗimbin yawa a shekara, har da waɗanda da son ransa ba zai shiga ba. Labarin da ya gani sau hamsin ya riga ya gundure shi, don haka yana neman sabon salo. Mai kallo kuwa shi ya zaɓi fim ɗin da kansa, ya biya kuɗinsa, galibi saboda ya riga ya san yana son irinsa. Tambayar da yake amsawa ita ce ko ya samu abin da aka yi masa alkawari a talla.

Wannan ne ya bayyana abin da ya faru da The Super Mario Bros. Movie a 2023. Makin masu sharhi ya tsaya dab da kashi 60, domin sun ga labarin bai da zurfi. Masu kallo sun ba shi sama da kashi 90, kuma ya tara fiye da dala biliyan ɗaya a duniya. Iyaye da yara da masoyan wasan sun je ganin Mario ne, kuma sun gan shi. Akasin haka ya samu fim ɗin ban tsoro mai suna Hereditary a 2018: masu sharhi sun yaba masa da kusan kashi 90, amma CinemaScore ya ba shi D+. Fim ne mai tafiyar hawainiya da nauyin baƙin ciki, waɗanda kuwa suka cika sinima a daren farko da yawansu razana mai sauri suka je nema.

Sauran batun shi ne yadda ake tattara ƙuri'un masu kallo. A lokacin The Last Jedi, duk mai rajista a shafin yana iya ba da maki ba tare da an tabbatar ya kalli fim ɗin ba. Wanda ransa ya ɓaci ya fi saurin zuwa ya rubuta fiye da wanda ya ji daɗi ya koma gida ya kwanta, kuma wani lokaci gungun mutane kan haɗa baki su yi wa fim ruwan ƙananan maki saboda wani dalili da bai shafi ingancinsa ba. CinemaScore kuwa katin ƙuri'a yake raba wa mutanen da suka shiga kallo a daren farko a wasu biranen Amurka da Kanada, don haka kowa ya gani da idonsa, illa dai masu zuwa daren farko galibi masoya ne na gani-kashe-ni, shi ya sa ko B ba abin alfahari ba ne ga babban fim. Wannan ba ya nufin duk ƙorafin da aka yi kan The Last Jedi na bogi ne. Akwai masoyan da da gaske ba su ji daɗin yadda aka sauya halin Luke Skywalker ba. A 2019, bayan hayaniyar da ta dabaibaye Captain Marvel tun kafin ya fito, Rotten Tomatoes ya hana yin tsokaci kafin fitowar fim, sannan ya ɓullo da makin waɗanda aka tabbatar sun sayi tikiti.

Mai son zaɓen fim ya fara duba adadin waɗanda suka ba da makin, domin kashi 95 daga mutum goma sha biyu bai kai kashi 80 daga mutum dubu goma ƙarfi ba. Wannan ya fi shafar fina-finan Nollywood da na Kannywood, waɗanda da yawansu ba su da makin masu sharhi a waɗannan shafuka, kuma ƙuri'un da suke samu a IMDb kan yi kaɗan ta yadda 'yan uwa da abokan arziƙi za su iya ɗaga makin. A IMDb ɗin ana iya buɗe jadawalin da ke nuna yadda ƙuri'u suka rarrabu daga ɗaya zuwa goma. Idan suka taru a ɗaya da goma, tsakiyar ta zama fayau, to rigima ake yi, kuma makin bai faɗi komai game da fim ɗin ba.

Idan makin masu sharhi ya yi sama, na masu kallo ya yi ƙasa, a tsammaci fim mai buƙatar haƙuri ko wanda ya saɓa wa tallarsa. Idan kuwa aka samu akasin haka, yawanci fim ne da ya biya wa masoyansa buƙata ba tare da kawo sabon abu ba, kuma wanda ba ya cikin masoyan zai iya fita yana mamakin abin da ake yabawa. A irin wannan hali, karanta sharhi biyu cikakku, ɗaya na yabo ɗaya na suka, ya fi amfani. Idan abin da mai sukar ya ƙi shi ne jinkirin labari, mai karatu kuma ya san jinkiri ba ya damunsa, to wannan sukar ba ta hana shi sayen tikiti.