Minti Biyu na Marhabin da Baƙi da Faransanci

Daga Damagaram zuwa Maraɗi, idan shekarar karatu ta zo ƙarshe, makarantun sakandare kan kafa rumfuna, a jera kujeru, a gayyato iyaye da manyan gari. Kafin a fara rabon kyaututtuka, mutum guda ke miƙewa, ko shugaban makaranta ko wani ɗalibi mai bakin magana, ya yi wa jama'a maraba da Faransanci. Ko da yake a 2025 Nijar ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya ci gaba da zama harshen aiki, kuma da shi ɗaliban suka zauna jarrabawar Bakaloriya.

Wahalar jawabin tana farkonsa, wajen kiran baƙi. Ana farawa ne da mafi girman muƙami a sauko: gwamna ko wakilinsa, sarki, daraktan ilimi na jiha, shugaban ƙungiyar iyayen yara, malamai, iyaye, sannan ɗaliban da ake bikin dominsu. Muƙami ake ambata, a bar suna, kamar «Monsieur le Gouverneur». A nan ne ake yawan tuntuɓe. Gwamna na iya aiko da sakatarensa a kan lokaci, mai jawabi kuma ya karanta abin da ya rubuta tun jiya, ya gai da kujerar da mai ita bai zo ba. Shi ya sa gogaggen malami kan leƙa sahun gaba, alƙalami a hannu, yana gyara takardarsa har lokacin da za a miƙa masa makirfo. Don kada wani ya ga an tsallake shi, akan rufe jerin da «en vos rangs, grades et qualités», wato kowa gwargwadon matsayinsa.

Daga nan sai marabar kanta: «Au nom de l'administration, des enseignants et des élèves, je vous souhaite la bienvenue.» Jimla ɗaya ce ta bayyana a madadin wa ake magana. Ɗalibai kan zame su ce «bienvenu» ga taron jama'a, alhali «soyez les bienvenus» ake cewa, kuma «vous» ake yi wa kowane baƙo.

Abin da ya rage kaɗan ne: dalilin taruwa, godiya ga malamai da iyaye, taya ɗalibai murna. Koken ƙarancin azuzuwa da lissafin waɗanda suka ci jarrabawa na babban jawabin shugaban makaranta ne.

Kalma 200 zuwa 250 sun isa, kusan minti biyu ke nan idan ana karantawa a natse. Da yake iyaye da dama a rumfar ba sa jin Faransanci, mai jawabin da ya san ya kamata yakan ajiye takarda ya juyo gare su ya ce, «Iyayenmu, sannunku da zuwa, mun gode da ɗawainiya.»