Dalilin da waifai ke ƙin karɓar sababbin wayoyi, tsofaffi kuwa suna aiki

Akwai wata matsala da kan rikita masu gidajen kallon ƙwallo, da shagunan buga takardu, da makarantun da suka sa waifai. Mutum ya zo da wayarsa, an ba shi kalmar sirri, ya shigar daidai, sai wayar ta tsaya tana rubuta `Obtaining IP address…` har ta gaji ta saki. Na kusa da shi kuwa yana ta kallon bidiyo a kan waifan nan ɗaya. Nan da nan a ɗora wa wayar laifi, ko a ce data ce ta ƙare. Sau da yawa ba ko ɗaya ba ne. Adireshin da rawuta ke rabawa ne ya ƙare.

Duk na'urar da ta hau waifai sai an ba ta lamba tata ta kanta, irin `192.168.0.105`, domin rawuta ta san inda za ta kai kowane saƙo. Sashen da ke wannan rabo a cikin rawuta shi ne `DHCP`, kuma lambobin da ke hannunsa ƙididdigaggu ne. Rawutocin TP-Link da yawa, misali, suna zuwa daga kamfani da jeri daga `192.168.0.100` zuwa `192.168.0.199`, wato adireshi 100 cif. Kuma aro ake bayarwa na wani wa'adi. Wasu rawutoci kan sa awa 2, wasu da dama awa 24.

Wa'adin nan shi ne tushen matsalar. Waya ba ta cika yin sallama ba idan za ta tafi. Mai ita ya sa ta a aljihu ya hau babur, shi ke nan. Rawuta ba ta da labari, don haka sai ta ci gaba da ajiye masa lambarsa har wa'adi ya cika. Kamar masaukin baƙi ne da aka kama ɗaki na kwana guda, baƙon ya fita da mukulli tun da hantsi: ɗaki ba kowa, amma ba a isa a sa wani a ciki ba sai gobe.

Mu ɗauki gidan kallo mai adireshi 100 da wa'adin awa 24. Wayoyin masu gida, da talabijin, da kwamfutar lissafi sun riƙe 10. Ranar Asabar mutum 60 suka hau waifai lokacin wasan la'asar, aka tashi suka watse. Adireshi 70 ke nan a kame, saura 30. Da dare wasu mutum 50 suka zo wasa na biyu. Talatin na farko za su shiga lafiya lau, na talatin da ɗaya zuwa na hamsin kuwa sai dai su yi ta jira. Mai gida zai duba ya ga na'urori 40 kacal ke kan waifai, ya rasa gane yadda aka yi ta cika.

Wayoyin zamani sun ƙara wa abin nauyi. Rawuta tana gane waya ne da wata lamba da ake kira `MAC`. Tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi suna ƙirƙiro wa kowane waifai lambar bogi don kada a riƙa bin sawun mai su. Idan lambar nan ta sauya, misali an kashe tsarin a waya, rawuta kan ɗauka sabuwar waya ce ta ba ta wani adireshi, na da yana nan a ajiye.

Kafin a taɓa komai, a tabbatar wannan ce cutar. Idan kalmar sirri ce ba daidai ba, waya za ta faɗa kai tsaye. Idan data ce ta ƙare, kowa da kowa zai tsaya, tsoho da sabo. A iPhone ko kwamfutar Windows akwai shaida mai ƙarfi: na'urar da ta nemi adireshi ba ta samu ba takan laƙaba wa kanta wanda ya fara da `169.254`. A Windows ana ganinsa da umarnin `ipconfig`. Sai dai a lura da ƙananan na'urorin waifai na aljihu da kamfanonin layi ke sayarwa. Da yawansu an ƙayyade musu na'urori 10 ko makamancin haka a lokaci guda, kuma wannan iyaka ce ta daban da faɗaɗa adireshi ba ya ɗagawa.

Hukunci na ƙarshe yana cikin rawutar kanta. A ɗauki wayar da take haɗe, a buɗe burauza a rubuta `192.168.0.1` ko `192.168.1.1`, ko abin da aka rubuta a ƙasan rawutar, a shiga da kalmar sirrin mai kula. A nemi `DHCP Client List` ko suna mai kama da shi. Idan jerin ya kai 100 alhali rabin sunayen na mutanen da suka tafi ne, magana ta ƙare.

Maganin gaggawa kowa ya san shi: a zare wuta a mayar. A ƙananan rawutoci da yawa wannan yana goge jerin aro, sai a fara sabon rabo. Wasu manya irin MikroTik kan adana jerin, don haka sai an shiga an goge da hannu. Ko ma ya yi aiki, Asabar mai zuwa abin zai dawo, kuma katse wa mutane intanet ana tsakiyar wasa ba ya jawo wa mai gida farin jini.

Gyaran da ke ɗorewa yana shafin `DHCP Settings`, kuma lambobi uku ne:

```
Start IP Address: 192.168.0.20
End IP Address:   192.168.0.254
Lease Time:       120
```

Biyun farko sun mai da adireshi 100 zuwa 235, an kuma bar 2 zuwa 19 saboda firinta da kyamarorin tsaro da ake kafa wa lamba ta dindindin. Na ukun ya rage wa'adi zuwa minti 120. A duba da kyau, don wasu rawutoci da daƙiƙa suke ƙirge, inda awa 2 take 7200. A ganina rage wa'adin ya fi faɗaɗa jerin amfani a wurin da jama'a ke shiga da fita. A gidan kallonmu, 'yan la'asar 60 da sun saki lambobinsu tun kafin a take wasan dare. Kada a ji tsoron cewa za a riƙa yanke wanda yake zaune, domin waya kan nemi sabunta aronta da kanta idan rabin wa'adi ya wuce, mai ita bai ma sani ba. Abu ɗaya: sabon wa'adi ba ya shafar aron da aka riga aka bayar, saboda haka a sake kunna rawutar bayan an adana gyaran, lokacin da babu jama'a.

Wasu masu gyara kan bi gajeriyar hanya, su shiga wayar da ta maƙale su sauya ta zuwa `Static` su rubuta mata lamba da hannu. Tana shiga kuwa. Amma idan lambar tana cikin jerin da rawuta ke rabawa, wata rana za a ba wani ita, wayoyin biyu su riƙa yankewa ba wanda ya san dalili.

Gyaran yana da iyaka. Rawutar gida da aka ba adireshi 235 ba za ta ɗauki mutum 200 suna kallon bidiyo a lokaci guda ba. Tun kafin nan intanet ɗin zai yi nauyi, sai an ƙara na'urar watsa waifai ta biyu. Idan kuma jerin ya sake cika bayan an rage wa'adi, alhali ɗakin bai cika ba, to kalmar sirrin ta zagaye unguwa, sai a sauya ta.