Kafin Kankare Ya Rufe Rodi: Yadda Ake Rubuta Rahoton Ziyarar Gini

A aikin bene babu ranar da ta kai jajibirin zuba dekin muhimmanci ga mai duba gini. Kafinta ya gama buga katako, masu ɗaurin rodi sun shimfiɗa aikinsu, mai wuta ya ja bututansa, ga yashi da tsakuwa an jibge a bakin hanya. Komai a fili yake, ido yana gani, tef yana aunawa. Gobe war haka kankare ya rufe shi duka, kuma duk kuskuren da ya shige ciki zai zauna nan muddin ginin yana tsaye. Shi ya sa ƙwararren injiniya ba ya yarda a zuba dekin sai ya hau ya duba, kuma ba ya barin abin da ya gani a baki kawai. Takarda yake rubutawa, ya sa hannu, ya ba ɗan kwangila kofe ɗaya, mai gida ɗaya. Wannan takardar ce rahoton ziyara.

Mu ɗauki misalin gida mai hawa ɗaya da ake ginawa a bayan gari, da baranda a gaba wadda ta fito mita 1.2 ba ginshiƙi a ƙarƙashinta. Kaurin dekin a zane milimita 150 ne, rodin kuma mai milimita 12, wanda ake rubutawa Y12.

Kan rahoton ba ya cin lokaci: sunan aikin da wurinsa, lambar ziyarar, kwanan wata da ƙarfe nawa, waɗanda aka tarar a wurin, lambar zanen da aka duba aikin da shi, sai yanayin gari. Mutane kan raina wannan na ƙarshe. To amma kankaren da aka zuba da tsakar rana a watan Afrilu, ko cikin busasshiyar iskar hunturu, yana saurin rasa ruwa ya tsattsage a sama. Idan bayan wata biyu aka ga tsaga aka fara nuna wa juna yatsa, layin nan guda na yanayi yana iya raba gardama. Lambar zane ma haka. Sau da yawa an gyara zane a ofis, amma tsohon ne a naɗe cikin aljihun foman.

Da injiniya ya hau sama, barandar zai fara nufa. Dekin da ke zaune kan bim ta kowane gefe, cikinsa ne ke lanƙwasawa ƙasa, don haka babban rodinsa a ƙasa yake. Baranda kuwa a manne take ta gefe ɗaya, nauyi yana jan bakinta ƙasa, saboda haka samanta ne ke son yagewa daga jikin gini. Dole babban rodinta ya kasance a sama, milimita 25 kacal ƙasa da fuskar kankare, kuma ya zarce sosai cikin dekin ɗakin da ke bayanta. Abin da ke riƙe shi a sama wasu guntayen rodi ne da ake lanƙwasawa, masu aiki suna ce musu kujera. In kujerun sun yi kaɗan, leburori suna kai da kawo a kai, sai rodin ya kwanta. A dekin mai kaurin 150, rodin da ya sauka zuwa tsakiya ya zubar da fiye da kashi ɗaya bisa uku na ƙarfin barandar, alhali ko sanda ɗaya ba a rage ba. An sayi rodi cikakke, an biya kuɗin ɗauri, amma ƙarfen ba ya inda zai yi aiki.

A nan ake gane rahoto mai amfani da rahoton cika takarda. Wani zai rubuta, "Aikin rodin baranda bai yi kyau ba, a gyara." Wannan ba ya ɗaure kowa. Foman zai ɗaga sanda biyu uku ya ce an gyara, kuma bai yi ƙarya ba. Wanda ya san aiki zai ba matsalar lamba, ya ce ita ce ta 1, ya faɗi wurin kamar yadda yake a zane, wato barandar gaba tsakanin layin B da C. Sai ya rubuta abin da ya auna: zane ya ce rodin sama ya zauna milimita 25 daga fuskar kankare, an auna wuri biyar an samu tsakanin 60 zuwa 80. Ya faɗi dalilin da ya gani da idonsa: kujeru sun yi nisa da juna, wasu sun lotse. Sannan gyara: a ɗaga rodin, a ƙara kujeru yadda tsakaninsu ba zai kai mita ɗaya ba, a shimfiɗa katakon takawa domin masu ɗauko kankare. Ya rubuta wanda zai yi, da lokacin da za a gama. A ƙarshe ya sa hukunci a fili: ba a yarda a zuba wannan ɓangaren ba sai an sake dubawa.

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce mai tayar da jijiyar wuya. An riga an yi cinikin injin kwaɓa, an kira leburori, siminti yana ajiye. Abin da mai duba gini ya saba ji shi ne, "Haba Injiniya, ai kankare zai riƙe." Wani lokaci mai gidan ne da kansa zai bugo waya yana roƙo. A ganina injiniyan da ya rubuta matsala irin wannan amma ya kasa rubuta a dakata, ya kare kansa ne kawai, bai kare masu zama ƙarƙashin barandar ba.

Hoto ma yana da ƙa'ida. Yanzu kowa da waya a hannu, sai ka ga an turo wa mai gida hotuna arba'in, duk rodi ne a kan katako, ba wanda zai iya cewa ga inda aka ɗauka. Ga kowace matsala hoto uku sun wadatar. Na farko daga nesa, yadda za a ga barandar da matakala ko wani abin da ke nuna wurin. Na biyu daga kusa kaɗan, yana nuna rodin da ya kwanta. Na uku dab da shi, da tef a tsaye daga katako zuwa rodi, lambobin suna karantuwa. Hoton da babu ma'auni a cikinsa yana iya mayar da ƙaramar tsaga ta zama abin tsoro, ko ya ɓoye babba. Kowane hoto yana ɗauke da lambar matsalarsa da ɗan bayani a ƙasa. Kuma akan ɗauki wuraren da suka yi daidai, domin ranar da aka tashi fasa bango ko ƙara hawa, hoton ne kaɗai zai nuna abin da ke cikin kankaren.

Sauran abubuwan da ake dubawa a ranar tafiyarsu ɗaya. Ana leƙa ƙarƙashin rodin ƙasa a ga ko an sa biskit, waɗannan 'yan guntayen siminti da ke ɗaga ƙarfe daga katako domin kankare ya kewaye shi. In babu su, rodi zai fito a silin, damina biyu uku ya fara tsatsa yana ɓare filasta. Ana auna inda sanda biyu suka haɗu: yawancin zane yakan nemi su hau juna kimanin ninki 50 na kaurin rodin, wato milimita 600 ga Y12. Ana sauka ƙasa a girgiza gorar da ta tokare katako, a ga ko a kan ƙasa mai taushi take. Ba duka ne suke hana zuba dekin ba, kuma rahoto mai kyau yakan bambanta wanda zai iya kayar da gini da wanda za a iya gyarawa mako mai zuwa. In an jera ƙusar da ta leƙo da rodin baranda a sahu ɗaya, mai karatu ba zai san wanne zai fara ba.

Gyara ba ya ƙarewa da cewar foman an yi. Injiniya zai dawo, ya tsaya inda ya tsaya jiya, ya sa tef, ya ɗauki hoto, sannan ya rubuta an rufe lamba ta 1 da kwanan wata. Duk wadda ba a rufe ba tana hawa kan rahoto na gaba da tsohuwar lambarta, har sai an yi. Haka ake bin samfurin kankare: ana cika 'yan akwatuna masu milimita 150 ranar zubi, a kai ɗakin gwaji a matse su a kwana 7 da kwana 28. Rahoton ya nuna an ɗiba, na gaba ya nuna sakamako. Bayan an cire katako kuma, in aka tarar da ramuka a jikin fila kamar saƙar zuma saboda ba a girgiza kankaren sosai ba, sai mai duba gini ya riga birkila isa wurin, domin cokali biyu na siminti sun isa su ɓoye ramin da ya kai har kan rodi. Gyaran gaskiya shi ne a sassaƙe har a tarar da kankare mai ƙarfi, a wanke, a cike da haɗin da injiniya ya amince da shi. In ramin ya yi zurfi, hukuncin yana iya zama a fasa filar a sake.

Lokacin da bene mai hawa 21 ya rufta a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021, mutane fiye da 40 suka rasu, cikin abubuwan da suka fito fili har da wasiƙar da kamfanin injiniyoyin ginin ya rubuta tun Fabrairun 2020 yana janye hannunsa daga aikin, kuma batun sakamakon gwajin kankare yana cikinta. Takarda ta kasance, gini bai tsaya ba. Iyakar rahoto ke nan: shaida ne kan abin da aka gani a ranar da aka zo, ba ya ganin abin da aka rufe kafin a iso, kuma ba ya aiki sai wanda ke riƙe da kuɗi ya karanta shi.

Mai gida yana da hanyar sa a saurare shi. Ya tabbatar wanda ke duba masa aiki injiniya ne mai rajista da COREN, ko magini mai rajista da CORBON, kuma ba ɗan kwangilar ne ke biyansa ba. Sannan ya ɗaure biyan kuɗi da rahoton: kuɗin dekin ba sa fita sai an rufe matsalolin dekin. A kwangilolin da aka rubuta bisa tsari akan riƙe kimanin kashi 5 cikin ɗari na kuɗin aiki, a saki rabi ranar miƙa gini, sauran kuma bayan wa'adin gyara, wanda sau da yawa wata shida ne. Ranar sakin wannan ragowar, jerin lambobin da ke cikin rahotannin ziyara ake ɗaukowa a bi ɗaya bayan ɗaya, a ga wacce aka rufe, wacce ta rage.