Bututu Ɗaya, Gudu Iri Biyu

Bututun de Laval, irin na gindin roka, yana tsukewa har zuwa maƙogwaro, sannan ya buɗe. A lissafi ana ɗauka cewa iska ba ta gogayya da bangon bututun, kuma zafi ba ya shiga ba ya fita.

Mu ɗauki bututun da girman bakinsa ya ninka na maƙogwaro sau biyu, ana ciyar da shi daga tanki mai matsin ba 10. Muddin iskar ta kai saurin sauti a maƙogwaro, lissafin amsa biyu yake bayarwa. Matsin da ke waje ne alƙali. Idan ya kai ba 9.37, iskar takan lafa bayan maƙogwaro, ta fita da kusan kashi 31 cikin ɗari na saurin sauti. Idan kuwa ya sauka zuwa ba 0.94, faɗin nan ƙara mata gudu yake yi, har ta ninka saurin sauti sau 2.2. Sanyi ma ba a magana: iska mai digiri 27 takan fita a digiri 120 ƙasa da sifiri.

Tsakanin matsin biyu, iskar kan yi tsallen matsi kwatsam, a cikin bututun ko bayan ta fita. A wurin tsallen nan lissafin ya daina aiki.